Holda mai fil ko mai sukuru: abin da na gani bayan sauya na gidanmu

Tsofaffin gidaje a Najeriya yawanci da holda mai fil aka yi musu wayarin, irin wadda muka gada daga Turawan Ingila, amma yau mutum na shiga shagon kayan wuta zai tarar ƙwayayen LED masu sukuru sun cika kanta. Da na tashi sauya holdojin gidanmu, waɗanda zafin ƙwai mai wat 60 da mai wat 100 ya gasa har suna marmashewa a hannu, sai na sa iri biyun a ɗakuna daban-daban, kuma yanzu sun daɗe suna aiki yadda zan iya faɗin ra'ayina a kansu.

Mai fil ita ce ake rubuta wa B22 a jikin kwali, wato faɗin gindin ƙwan milimita 22 ne, yana da 'yan kunnuwa biyu a gefe, ana danna shi a ɗan murɗa ya maƙale. Mai sukuru kuwa E27 ce, milimita 27. Akwai ƙannensu, B15 da E14, da ake samu a fitilun ado, don haka cewa mai shago "ba ni mai sukuru" bai wadatar ba, gara a tafi da tsohon ƙwan ko a karanta lambar.

A ɗakunan da fanka ke kusa da fitila, mai fil ta fi gamsar da ni, domin girgiza ba ta kwance ƙwan, alhali a falo sai da na sake ɗaure mai sukuru bayan ya fara ƙyaftawa. Rauninta yana ga 'yan sandunan ƙarfe biyu masu sifirin da ke cikinta. Idan sifirin ya saki, ƙwan zai riƙa ɗaukewa yana dawowa, kuma in aka cire shi za a ga baƙi ko ɗan rami a kan darmar gindinsa, alamar wuta tana tartsatsi a wurin. Wata mai araha da na saya, bakinta na roba ne zalla, ta tsage daidai inda kunnen ƙwan ke shiga, ƙwan ya koma yana reto a karkace. Wadda bakinta ke da zoben ƙarfe ba ta ba ni matsala ba.

Mai sukuru ta fi riƙe ƙwai mai nauyi, musamman ta tangaran da na sa a tsakar gida, kuma an fi samun zaɓin ƙwayaye a kanta. Sai dai tana da sharaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba. A mai fil, wayoyin biyu suna zuwa ne ga sandunan nan na ciki, kowace waya aka sa a kowane ɓangare daidai ne. A mai sukuru kuwa zaren gindin ƙwan shi kansa hanyar wuta ne, saboda haka dole waya mai wuta, ja a tsohon wayarin ko ruwan ƙasa a sabo, ta tafi ga ɗan harshen tsakiya, ɗayar kuma, baƙa ko shuɗiya, ta tafi ga zaren. In aka juya su fitila za ta kama lafiya lau, ba abin da zai nuna kuskure, sai ranar da yatsan mai canza ƙwai ya taɓa ƙarfen gindin ya sha wutar bolt 230.

A nan ne tsohon gida ke da tarko. Mai gyaran wutar da ya yi mini aikin ya sa testa a holdar ɗakin girki bayan an kashe makunni, sai ga ta ta kawo haske, domin wanda ya yi wayarin farko ya bi da makunnin ta baƙar waya maimakon ja. Shekara da shekaru mai fil ta rufa wannan asirin. Sai da ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya gyara haɗin, kafin ya yarda ya ɗaura mai sukuru. Ya kuma yanke bakin wayoyin da zafi ya busar da robarsu, ya feƙe sabon wuri.

Adaftar da ke mai da B22 zuwa E27 na gwada ta a baranda. Tana aiki, amma tana ƙara wa ƙwan tsawo har murfin fitilar ya ƙi rufuwa, kuma tun da ana iya sa ta ta kowace fuska, ba a da tabbacin ɓangaren da wuta za ta bi. Na cire ta na sayi ƙwai mai fil. Inda tsohuwar holda ke da lafiya ban ga dalilin sauya irinta ba. Inda ta ƙone kuma aka tabbatar da wayarin da testa, mai sukuru ta tangaran nake sa wa.