Fuskar mai kaya ko hotuna da murya: wanne ya dace da tallar kilishi?

"Ina sana'ar kilishi a Tahoua, ina aika wa masu saye a Yamai. In fito da fuskata in yi magana a bidiyo, ko in jera hotuna in ɗora murya a kai?"

Malam, abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne inda shakkar mai saye take: a kanka ne ko a kan kayan. Wanda yake Yamai zai tura maka kuɗi ta Nita ko Amana kafin ya ga kilishi, sannan ya jira motar da za ta kawo saƙon, don haka babbar tambayarsa ita ce ko akwai mutum na gaskiya a bayan lambar. Hotuna ba sa amsa wannan tambaya, domin kowa yana iya kwaso hoton kilishi daga intanet. Amma idan ya gan ka tsaye kusa da inda kake shanya nama, kana faɗin sunanka da unguwarku, ka karya sala ɗaya a gaban kyamara har aka ji ƙarar karyewarta, to rabin ciniki ya faɗa.

Sai dai wannan hanya ba ta yafe sakaci, musamman wajen sauti. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da muryar da iska ko ƙugin babura ya cinye. Ka maƙala ƙaramin makirfo a wuyan riga, ka fuskanci haske da safe, kada rana ta kasance a bayanka, in ba haka ba fuskarka za ta yi baƙi. Daƙiƙa 30 ba ta cika ɗaukar fiye da kalmomi 70 ba, kuma kada ka ɓata daƙiƙa ukun farko wajen doguwar gaisuwa, domin a nan ne yatsan mai kallo yake wucewa zuwa wani bidiyon.

Hotuna da murya kuwa, amfaninsu sauƙin gyara ne. Idan nama ya yi tsada ka canza farashi, hoto ɗaya kawai za ka sake a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut. Haka kuma a kan hotuna goma, kowane na daƙiƙa uku, kana iya ɗora muryar Hausa yau, gobe wani ya ɗora ta Zabarmanci saboda mutanen Yamai, alhali bidiyon fuska sai an sake ɗaukarsa daga farko. Ka rubuta farashi da lambar waya da manyan baƙaƙe, tunda a Facebook bidiyo yana iya farawa babu sauti.

A ganina ka fara da fuska, ka bar hotuna don sanarwar farashi. Saƙonnin da suke shigowa za su nuna maka lokacin sauyi: muddin ana tambayar "ina shagonku yake?", amana ce ba ta zauna ba, ka ci gaba da fitowa. Idan tambayar ta koma "nawa ne na jaka biyar, yaushe mota za ta taso?", hotuna sun isa.