Filin awon igiya ko mai takardar gwamnati, wanne za ka saya a Gombe?

Duk wanda ya fita neman fuloti a bakin gari, wajajen Tumfure ko Liji, ya san abu biyu dillali zai ajiye masa. Akwai na awon igiya, gona ce aka yanka, mai unguwa ya sa hannu da hatimi, shaidu suka sa hannu, ga shi da sauƙin kuɗi. Akwai kuma wanda gwamnati ta auna mai satifiket, wanda ake cewa si of o, shi kuɗinsa ya fi yawa sosai. Mutane suna ɗauka na farkon ne kawai mai haɗari, na biyun kuma ka saya ka yi barci, to wallahi ba haka abin yake ba.

Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha duk tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake saya izinin zama ne. A wurin da aka ayyana birni gwamna ne ke ba da izinin, yawanci na shekara 99, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce. Sunan mai unguwa ko dagaci ba ya cikin masu bayarwa, takardarsa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa. Amma fa kar ka raina shi, shi ya san wa ya noma wurin, shi ya san ko gado ne ko aro ko jingina, kuma wannan ba ya cikin fayil ɗin kowane ofis.

Matsalar tana bakin gari ne, inda jiya gona ce yau birni ya cim mata. Wani ƙanin babana ya sayi fuloti ƙafa 50 da 100 a kan miliyan 2, lokacin da mai satifiket a layin gaba ake neman miliyan 3 da rabi. Wanda ya sayar masa babban ɗa ne, gonar mahaifinsu ce kuma ba a raba gado ba, yana da ƙanne mata uku da ba wanda ya tambaye su. Ƙanin baban nawa ya sauke bulo dubu ɗaya, ya haƙa fandisho, ranar da aka zo zuba kankare sai lebura ya ci karo da ɗan turken siminti mai lamba a cikin ciyawa. Ya ce "Baba, wannan ai na safiyo ne." Ashe wurin ya shiga awon gwamnati tun da daɗewa, akwai wani mai takardarsa a kai, sannan ga 'yan uwa mata sun taso da maganar kasonsu. Rigima biyu a fili ɗaya, har yau bulon nan yana jibge ciyawa ta rufe shi.

Shi ma mai satifiket ɗin bai tsira ba. Kotun Ƙoli a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 ta nuna cewa satifiket ba ya share haƙƙin wanda yake da wurin tun asali, in tushen takardar ba shi da kyau ana iya rushe ta. Saboda haka ko an nuna maka mai hatimin gwamna, tambayi a hannun wa aka karɓi gonar, kuma an biya masu ita diyya kuwa? In ka ga dattijo har yanzu yana shuka dawa a filin da aka ce maka mai takarda ne, ka tsaya tukuna.

Ni a ganina, in ginin da za ka zauna ne ko kana son banki ya karɓi takardar jingina, ƙara kuɗi ka ɗauki mai satifiket, amma kafin ka ba da ko sisi ka kai lambar fayil ɗin ofishin GOGIS, wato hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Gombe, a duba, sunan wa ke kai, an jinginar ko an soke, akwai bashin kuɗin ƙasa? Kuma canjin suna sai da amincewar gwamna, in ba ka yi wannan ba, sunan tsohon mai shi ne zai ci gaba da zama a fayil, yana iya sake sayarwa.

In ƙarfinka na awon igiya ne ba laifi, mutane da yawa a kansa suke zaune lafiya. Sai dai ka ɗauki safiyonka na kanka ya ɗauko lambobin wurin a duba ko ya faɗa cikin awon gwamnati ko hanya ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, don in gwamnati ta karɓa diyyar gini da amfanin gona take biya, ba kuɗin da ka ba dillali ba. In gado ne ka nemi takardar rabon gado ta kotu, in babu to kowane magaji ya sa hannu, mata ma da kansu ba wai yayansu ya sa musu ba. Ka je wurin maƙwabta na gabas da yamma kai kaɗai ba tare da dillali ba, sannan ka ware kuɗin neman takardar gwamnati tun a cikin lissafin sayen, ka fara bin ta satin da aka yi ciniki.