Ruwan burtsatse ko tataccen ruwa: da wanne za a sirka kulan, ruwan sanyaya injin mota?

Gwargwadon sirki iri ɗaya ne a duka biyun. Idan injin motarka yana cin lita 6 na ruwan sanyayawa, lita 3 na ɗanyen kulan za ka haɗa da lita 3 na ruwa, a cikin jarka mai tsabta, kafin ka zuba a lagireto, inji kuma a sanyaye. A zafin Legas kashi 40 na kulan ma ya wadatar, amma kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku, domin maganin tsatsar da ke ciki zai yi rauni. Ɗanyen kulan zalla kuwa ba ya kwashe zafi kamar ruwa. Jarkar da aka rubuta 50/50 a jikinta an riga an sirka ta.

Bambancin yana wajen ruwan. Na burtsatse kyauta ne, ga shi a bakin gareji, sai dai yana ɗauke da ma'adinai. Idan ya yi zafi, sai su daskare kamar farin da ke kama gindin butar shayi, su toshe siraran bututun lagireto. A unguwannin bakin teku irin Lekki da Ajah ruwan yakan zo da gishiri, shi kuma gishiri cin alminiyon yake yi, har famfon ruwa ya fara yoyo. Alamar ita ce allurar zafi tana hawa a cunkoson Apapa, ga farin ɓawo ko jan laka a ƙarƙashin murfin lagireto.

Tataccen ruwa, wanda masu batir ke sayarwa, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ka tabbata dai ba mai asid aka miƙo maka ba. Fiya wata na sha ne, ma'adinansa suna nan.