Mayafi ko inuwar haruffa: wanne ke ceton rubutu a kan hoto?

"Ƴan uwa, ina haɗa sanarwar walima a Canva, amma farin rubutuna sai ya nutse cikin hoton. In lulluɓe hoton da baƙin mayafi ne, ko in sa wa haruffan inuwa?"

Ƙanena, sa mayafi. Amma ba irin wanda ke rufe hoto gaba ɗaya kamar an ɗauke wuta ba. Nemi `gradient`, wanda ke farawa da duhu daga ƙasa yana washewa har ya ɓace a tsakiya.

Da Sallar bara na yi wa wani tela talla da hoton hawa da na ɗauka a ƙofar fada, cikin Birni. Hoto ne mai wuyar sha'ani: ga fararen riguna da rawuna, ga jan kayan doki, ga ƙura. Farin rubutu ya ɓace kan riguna, baƙi ya ɓace kan dawakai. Sai na matsa da hoton sama yadda fuskokin mahaya suka koma can, ƙasa ta rage ƙafafun dawakai da rairayi, inda babu abin da ido ke nema. Nan na shimfiɗa mayafin, duhunsa kashi 60 cikin 100 daidai inda rubutu zai zauna. Ba da ka na zaɓi 60 ba. Ko fari fat ne a ƙarƙashi, wannan duhun yana maida shi toka mai duhu, bambancinsa da farin rubutu ya kai wajen 5.7 da 1, alhali ƙa'idar WCAG, ta sauƙin karatu a allo, 4.5 da 1 take nema ga ƙananan haruffa. In ka tsaya a 50, ba ka kai ba. Telan yana tsaye a rana ya karanta lambar wayarsa ba tare da ya kare allo da hannu ba, har yau shi ke ɗinka mini kaftani.

Inuwar haruffa kuwa, to, tana taimaka wa kalma ɗaya ko biyu manya. A kan kwanan wata da wurin taro sai ta zama dabbare, kamar tawada ta jiƙe.

Kaurin haruffa ma ka kula. Sirara suna da kyau a wayarka, amma WhatsApp na matse hoto, sai su kakkarye. Ɗauki `Noto Sans` mai kauri, yana da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Kafin ka watsa, tura wa kanka, ka rage hasken waya, ka fita tsakar gida da azahar ka gwada karantawa.

Sannan ka yi hattara da masu tallan "Canva Pro har abada" a jaka biyu. Na taɓa biya, sati uku aka fidda ni, mai sayarwar kuma ya toshe lambata. Mayafin nan yana cikin na kyauta, kar ka ba kowa ko dala.