Sharhi: wasiƙar malamin Faransanci kan dacewar sifa da suna

Wasiƙa ce mai shafi biyu da wani malamin Faransanci ya rubuta wa ɗalibinsa na sakandare, wanda ke yawan asarar maki a shifta saboda ƙarshen sifa. Na yi amfani da ita wajen bita da ɗalibai, kuma ta biya buƙata, ko da yake akwai inda ta gaza.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai fara da doka ba, ya fara da dalili. Ya kawo jimla biyu: une chemise de coton blanc da une chemise de coton blanche. A ta farko audugar ce fara, domin coton namiji ne. A ta biyu rigar ce fara, domin chemise mace ce. Ƙarshen sifar kaɗai ya nuna wane suna take siffantawa. Yaron da ya ga wannan ya daina ɗaukar dokar a matsayin wahalarwa kawai.

Daga nan ya ba shi matakai. Nemo sunan tukuna, ka duba jinsinsa ta le ko la, ka duba tilo ne ko jam'i, sannan ka ƙara e ga mace, s ga jam'i: petit, petite, petits, petites. Ya kuma bayyana abin da ke jawo kuskure a shifta. A petite kunne yana jin t ɗin, amma joli, jolie, jolis da jolies duk furucinsu ɗaya ne, saboda haka wanda ya dogara da kunne zai faɗi. Wannan sakin layin ya fi komai amfani a wasiƙar.

Inda na so ya ƙara shi ne kwatanci da Hausa, domin ɗalibanmu sun riga sun iya wannan aikin tun suna yara: farin doki, farar riga, fararen kaya. Tarkon yana wajen jinsi. Gida namiji ne a wurinmu, amma maison mace ce, shi ya sa ake yawan ganin maison blanc a takardun yara maimakon maison blanche. Haka kuma jam'inmu ba ya raba jinsi, fararen ya wadatar, alhali Faransanci na raba blancs da blanches.

Sifofin da ba sa bin dokar e kuwa, ya wuce su da sauri. Ya ambaci heureux da heureuse, bon da bonne, amma bai taɓa marron da orange ba, waɗanda ba sa canzawa ko kaɗan: des chaussures marron. Malamin da zai raba wa ajinsa wasiƙar ya ƙara wannan da hannunsa, tare da dokar cewa idan sifa ɗaya ta haɗa namiji da mace, jam'in namiji take ɗauka: un garçon et une fille intelligents.