Wa zai kawo hujja: mai da'awa ko mai musu?

A ce wani ya tsaya a muhawara ya ce jiƙon wani ganye yana warkar da ciwon suga, abokin karawarsa ya ce bai yarda ba. Hanya biyu ce.

Ta farko, a ce mai musu ya tabbatar ganyen ba ya warkarwa. Kamar adalci, amma tarko ne. Ko ya kawo marasa lafiya 50 da suka sha ba su warke ba, za a ce masa ba su sha daidai ba, ko ganyen ba na asali ba ne. Ba ranar gamawa. Da wannan ƙa'ida kowace tatsuniya ta zama gaskiya har sai an ƙaryata ta.

Ta biyu, nauyin yana kan mai da'awa, kamar yadda malaman fiƙihu suka ce hujja tana kan wanda ya yi ƙara. Shi zai faɗi mutum nawa aka gwada, yaya awon sugansu yake kafin sha da bayansa, da wa aka kwatanta su. Ni wannan na zaɓa.

Sai dai a lura: idan mai musu ya wuce "ban gamsu ba" ya ce "ganyen guba ne", ya ɗauko tasa da'awar, shi ma sai ya kawo shaida.