VPN kafin Tor, ko Tor kafin VPN?

"Jama'a barkanmu da yamma. Daga Gombe nake. Na kunna VPN sannan na buɗe Tor Browser, sai shafi ya riƙa buɗewa kamar ana jan ruwa a rijiya mai zurfi. Wani kuma ya ce a juya, Tor tukuna sannan VPN. Wanne ya fi ɓoye mutum?"

Ɗan'uwa, fara tambayar kanka: daga wa kake ɓuya? Amsar tana nan.

Tor shi kaɗai yana bi da saƙonka ta zango uku. Na farko ya san lambar IP ɗinka amma bai san inda ka dosa ba, na ƙarshe ya san shafin amma bai san ka ba, na tsakiya kuwa mai miƙawa ne kawai. Kamfanin layinka, wanda ya haɗa lambar wayarka da NIN, ba ya ganin shafin, amma yana ganin ka shiga Tor, domin jerin waɗannan zanguna a fili yake.

Tsarin da kake kai, VPN sannan Tor, wannan ƙofar yake toshewa. Kamfanin layi zai ga VPN kawai, zangon farko kuma zai ga lambar VPN maimakon taka. Sai dai abin da ka ɓoye wa kamfanin layi ka miƙa wa mai VPN: ya san lambar IP ɗinka ta gaskiya, ya san kana Tor, ya san lokacin. An bar gidan kowa an koma gidan mutum ɗaya. Yana da amfani in kana kan intanet ɗin ofis ko makaranta, inda wataƙila kai kaɗai ne mai buɗe Tor. A Disambar 2013 haka aka gano wani ɗalibi a jami'ar Harvard: ba a fasa Tor ba, an duba wanda ya shiga ta intanet ɗin makarantar a wannan lokacin ne. Ko a nan ma ni gada zan fara gwadawa, wato mashigar Tor da ba ta cikin jerin nan na fili, kamar obfs4 ko Snowflake, suna cikin Tor Browser ƙarƙashin Bridges, kuma kyauta ne.

Wanda aka ba ka shawara, Tor sannan VPN, ni dai ba na ba kowa shi. Tor Browser yana ba kowane shafi hanyarsa daban, hanyoyin kuma suna sauyawa, don kada a haɗa ayyukanka wuri ɗaya. Da ka ɗora VPN a ƙarshe, komai naka zai fito ta ƙofa guda mai lamba guda. In da katin bankinka ka biya kuɗin VPN ɗin, to ka rufe fuska ne ka rataya katin shaida a wuya. Ribarsa ɗaya: shafukan da ke korar masu Tor za su buɗe. Haɗa shi ma wahala ne, don Tor salon aika bayanai na TCP kawai yake ɗauka, WireGuard kuwa, wanda VPN da yawa ke aiki da shi, wani salon mai suna UDP yake bi.

Batun jinkirin buɗe shafi kuwa, nisa ne. Mu ƙaddara ka zaɓi sabar VPN a Amurka, zangonka na farko kuma ya faɗo a Jamus, inda zangunan Tor suke da yawa. Saƙonka zai tashi daga Gombe ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku, ya isa Amurka, ya sake tsallako teku zuwa Jamus, sannan ma a fara zango ukun. Amsa ta dawo ta nan, kuma shafi ɗaya yakan buƙaci kai-komo da yawa. Tsallaken Amurkan bai ƙara maka sirri ko ƙwaya ba. Mayar da sabar Turai, za ka ji bambanci. VPN biyu a jere kuma, musamman na kamfani ɗaya, ɓarnar data da caji ne.

Akwai abin da yawan zango ba ya magani. Wanda ke iya kallon mashiga da mafita a lokaci guda, yana gwama lokaci da girman bayanan ya gane mai su. In kuma ka shiga Facebook ko Gmail da sunanka, kai ka gabatar da kanka.

Kafin ka ci gaba, buɗe check.torproject.org a cikin Tor Browser, zai faɗa maka ko ta Tor kake. Sannan kunna Kill Switch, mai datse intanet in VPN ya yanke, a manhajar VPN ɗin, domin da sabis ya yi rawa VPN ya yanke, Tor zai sake haɗuwa kai tsaye ba tare da ya sanar da kai ba. Masu Android kuma su lura: waya VPN ɗaya take riƙewa a lokaci guda, don haka kunna Orbot, manhajar Tor ta waya, a yanayin VPN zai kashe wancan da ka fara kunnawa.